Sigogi uku na ingancin kasuwar hannun jari: kowace siga da hujjar da ta dace da ita

"Malam, ina aji uku a sashen harkokin kuɗi. A tsofaffin takardun jarrabawarmu akwai tambaya mai maki 20 da take yawan dawowa: a bambanta siga mai rauni, da mai matsakaicin ƙarfi, da mai ƙarfi a nazariyyar ingancin kasuwa, a kuma kawo misalai masu hujja. Na haddace ma'anonin uku, amma da na zo wajen misalai sai su cakuɗe mini. Ta yaya zan gane wane bincike ne na wace siga?"

Abu guda ne ya raba sigogin nan, wato irin bayanin da ake cewa farashi ya riga ya haɗiye. Duk binciken da aka ajiye miki, ki fara da tambayar: mai neman ribar nan da wane bayani ya yi aiki, kuma wa yake iya samun wannan bayanin a lokacin da aka yi cinikin? In tarihin farashi ne kawai, kina kan siga mai rauni. In labari ne da aka riga aka bayyana wa kowa, kina kan mai matsakaicin ƙarfi. In kuwa sirri ne da 'yan cikin gida kaɗai suka sani, kina kan mai ƙarfi. A takardun da nake dubawa, yawancin makin da ɗalibai ke asara ba a ma'anoni suke zubewa ba. Suna zubewa ne wajen ajiye hujja mai kyau a ƙarƙashin sigar da ba tata ba.

Rabon gida ukun ya shahara ne daga maƙalar da Eugene Fama ya wallafa a 1970, inda ya ce kasuwa mai inganci ita ce wadda farashinta ke nuna dukkan bayanan da ake da su. Ki lura da abin da wannan da'awa take nufi a aikace, don nan ma ana tuntuɓe. Ba cewa take farashi kullum daidai yake ba, ba kuma cewa take babu wanda zai taɓa cin riba mai tsoka ba. Abin da take cewa shi ne, ba za a iya amfani da wancan bayanin a riƙa samun rarar riba a kai a kai ba. Rarar riba kuwa ita ce abin da ya haura ladan da ya dace da haɗarin da mutum ya ɗauka, bayan an cire kuɗin dillali da sauran ɗawainiyar ciniki. Wanda ya sayi hannun jari mai haɗari ya ci kashi 30 cikin 100 a shekara guda bai rushe komai ba. Wanda zai rushe nazariyyar shi ne mai wata ƙa'ida da take cin nasara shekara da shekaru, fiye da abin da haɗari da sa'a za su iya bayyanawa.

Sigogin kuma ba jere suke kafaɗa da kafaɗa ba, ɗaya na cikin ɗaya ne. Tarihin farashi wani yanki ne na bayanan da kowa ke gani, su kuma bayanan da kowa ke gani wani yanki ne na dukkan bayanai, na fili da na ɓoye. Ki ɗauki 'yan kasuwar gero uku a Dawanau: na farko ya san farashin makonnin baya kawai, na biyu ya ƙara da labarin damina da aka faɗa a rediyo, na uku ya san duk wannan, ya kuma ji a ɓoye cewa wani babban mai saye zai shigo da tireloli gobe. Daga nan ne wata ƙa'ida take fitowa, wadda masu jarrabawa ke son gani a rubuce. In kasuwa ta cika siga mai ƙarfi, dole ta cika sauran biyun. In ta faɗi a mai rauni, to ta faɗi a duka ukun, domin kasuwar da ta kasa haɗiye tarihin farashinta ba za a ce ta haɗiye duk bayanan fili ba. Amma faɗuwa a mai ƙarfi ba ya taɓa na ƙasa da ita. Wannan ƙa'ida kaɗai tana iya kawo miki maki biyu ko uku.

## Siga mai rauni: farashin jiya

Da'awar a nan ita ce farashin baya da yawan cinikin baya ba za su ba ki rarar riba ba. Wanda wannan ya fi shafa shi ne mai nazarin zane-zanen farashi, mai cewa in layi ya yi kaza to hawa na tafe.

Hanyoyin gwaji biyu ne ya kamata ki sani. Ta farko ita ce auna alaƙa tsakanin canjin farashin yau da na jiya. Maurice Kendall ya yi haka a 1953 da farashin mako-mako na hannayen jarin Birtaniya da na alkama, ya tarar canjin wannan mako kusan ba ya faɗin komai a kan na mako mai zuwa. A 1965 Fama ya ɗauki kamfanoni 30 na ma'aunin Dow Jones, ya auna alaƙar canjin rana da rana, ya samu matsakaicinta kusan 0.03. Kada ki rubuta lambar ki wuce, ki fassara ta. In kika ninka 0.03 da kanta za ki samu 0.0009, ma'ana canjin jiya bai bayyana ko kashi 1 cikin 1,000 na canjin yau ba. Alaƙar tana nan, ba sifili ba ce, amma ta yi ƙanƙantar da ba za ta biya kuɗin dillali ba.

Hanya ta biyu ita ce a gwada ƙa'idar ciniki kai tsaye. Ƙa'idar matata, wadda Sidney Alexander ya fara gwadawa a 1961, tana cewa: in farashi ya hau da wani kaso daga inda ya yi ƙasa, ka saya, in ya sauko da wannan kason daga inda ya yi sama, ka sayar. Fama da Marshall Blume sun sake gwada ta a 1966 da kaso daban-daban, daga rabin kashi 1 har zuwa kashi 50 cikin 100. Ƙananan matatun ne kawai suka ɗan zarce wanda ya saya ya ajiye, su kuma suna jawo saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa, har kuɗin dillali ya cinye ribar. Wannan hujja ce mai goyon baya, kuma tana nuna dalilin da ya sa ake cewa "bayan cire ɗawainiya".

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren adawa ita ce ta Narasimhan Jegadeesh da Sheridan Titman a 1993. Sun jera hannayen jarin Amurka daga 1965 zuwa 1989 gwargwadon ribar da suka yi a watanni shida da suka wuce, suka raba su gida goma, suka sayi gidan da ya fi hawa, suka sayar da wanda ya fi faɗuwa, suka riƙe wata shida. Tazarar ta kai kusan kashi 1 cikin 100 a kowane wata. Ki tambayi kanki da wane bayani suka yi aiki. Farashin baya ne kaɗai, ba su karanta rahoton kamfani ko ɗaya ba. Saboda haka gurbin wannan bincike siga mai rauni ne, kuma a ganina shi ne ƙaya mafi tsini a ƙafar nazariyyar baki ɗaya, tunda ya soki sigar da aka ɗauka ta fi kowace tsayuwa.

In kina son kawo kasuwar hannun jari ta Legas, ki yi hattara da abu guda. A kasuwar da wasu hannayen jari ke yin kwanaki ba a yi cinikinsu ba, kuma akwai iyakar kashi 10 cikin 100 a kan hawa ko saukar farashi a rana guda, lissafi zai nuna alaƙa tsakanin yau da jiya ko da babu ribar da za a ci. Labarin da ya cancanci hawan kashi 25 cikin 100 dole ya rabu kwana uku, sai a ga hawa yau, hawa gobe, hawa jibi. Amma a kwanakin nan masu son saye sun yi layi, masu sayarwa kuwa sun ɓuya, don haka ba lallai ki samu ko hannu ɗaya a tsohon farashi ba. Iya hango farashi daban, iya cin riba daga hangen daban, kuma nazariyyar a kan na biyun take magana.

## Siga mai matsakaicin ƙarfi: abin da aka riga aka sanar

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne jarrabawa ta fi zurfi. Da'awar ita ce farashi yana haɗiye duk bayanin da aka bayyana, da sauri kuma ba tare da karkata gefe guda ba: rahoton riba, rabon riba ga masu hannun jari, sanarwar haɗewar kamfanoni, canjin kuɗin ruwa daga babban banki. Wanda abin ya shafa shi ne mai nazarin asusun kamfani daga takardun da kowa ke iya samu.

Kayan aikin gwajin shi ne nazarin aukuwa, kuma in kika iya bayyana matakansa kin fita daga sahun masu hadda. Ana sa ranar sanarwa a matsayin rana 0. Ana komawa baya, a ɗauki kamar kwanakin ciniki 200 da suka ƙare tun kafin a fara jin ƙishin-ƙishin ɗin labarin, a auna yadda hannun jarin ya saba tafiya da kasuwa. Daga nan ake samun alfa, wato ribar da hannun jarin ya saba samu ko kasuwa ba ta motsa ba, da beta, wato yawan motsinsa duk lokacin da kasuwa ta motsa da kashi 1. Sannan a kowace rana kusa da sanarwar a cire ribar da ake tsammani daga ribar da aka samu, inda R ke nufin ribar da aka samu, Rm ribar kasuwa, AR rarar ribar ranar, CAR kuma jimillar rarar:

```
AR = R − (α + β × Rm)
CAR = AR1 + AR2 + ... + ARn
```

Bari mu yi misali da lambobin da na ƙirƙira don koyarwa. Wani kamfanin siminti yana kan naira 50, betarsa 1.2, alfarsa sifili. Masu nazari suna tsammanin ribar naira 5 a kowane hannu, sai ya sanar da naira 6. A ranar farashi ya tashi zuwa naira 53, hawan kashi 6 cikin 100 ke nan. Kasuwa gaba ɗaya ta hau da kashi 1 a ranar. Abin da ake tsammani daga kamfanin ko da babu labari shi ne 1.2 sau 1, wato kashi 1.2. Rarar ribar ranar ita ce 6 a cire 1.2, saura kashi 4.8 cikin 100.

Wannan 4.8 ɗin ba ta tabbatar da inganci ba, ba ta kuma rushe shi ba. Hukuncin yana cikin abin da ya biyo baya. In a kwanaki ashirin na gaba rarar ta riƙa yawo kusa da sifili, yau 0.2 sama, gobe 0.3 ƙasa, jimillar ta tsaya a wajen 4.8, to kasuwa ta haɗiye labarin a rana guda, kuma wanda ya karanta sanarwar da yamma ya saya da safe bai samu komai ba. Wannan shi ne inganci. In jimillar ta ci gaba da rarrafawa sama, 5.5, 6.4, har 8, kasuwa ta yi jinkiri, kuma mai karanta jarida kawai zai iya cin tazarar. In kuma ta sauko zuwa 2, kasuwa ta yi zumuɗi ta wuce gona da iri. Biyun ƙarshe duk sun saɓa wa sigar. Ki zana wannan hoton a takardarki, layi uku daga rana 0, don zanen yana faɗin abin da sakin layi biyu zai faɗa.

Ki kuma lura cewa abin da ke motsa farashi shi ne ba-zata, wato naira 1 ɗin da ta haura tsammani. Da ribar bara naira 4 ce, bana ta zama 5, kuma kowa yana tsammanin 5 ɗin, farashi ba zai motsa ba ko da yake ribar ta ƙaru da kwata. Masu jarrabawa suna son wannan tarkon: su ce kamfani ya sanar da riba mafi girma a tarihinsa amma farashi ya faɗi, su tambaya ko hakan ya nuna rashin inganci. Amsar ita ce bai nuna ba, mai yiwuwa kasuwa ta yi tsammanin fiye da haka.

Binciken da ya kafa wannan hanya shi ne na Fama da Fisher da Jensen da Roll a 1969. Sun duba lokuta 940 da kamfanonin kasuwar New York suka tsaga hannayen jarinsu, wato suka raba kowane hannu zuwa ƙanana masu yawa, tsakanin 1927 da 1959. Jimillar rarar riba ta yi ta hawa a watannin da suka gabaci tsagawar, daga watan tsagawar kuma ta kwanta. Ɗalibai da dama suna ganin hawan farko su ce ga rashin inganci. A'a. Kamfanoni suna tsaga hannun jari ne bayan farashinsu ya riga ya yi tsada, don haka hawan ne ya jawo tsagawar. Abin da ya shafi sigar shi ne kwanciyar layin bayan labari ya fita.

Misalin da ya fi zama a ƙwaƙwalwa shi ne na kumbon Challenger, wanda ya tarwatse ranar 28 ga Janairu, 1986, da mutum bakwai a ciki. Manyan kamfanoni huɗu da ke kasuwa suna da hannu a aikin: Rockwell, Lockheed, Martin Marietta da Morton Thiokol. Kafin a tashi kasuwa a ranar, ukun farko sun faɗi da kashi 2 zuwa 3 cikin 100, shi kuwa Morton Thiokol ya faɗi da kusan kashi 12. Sai a watan Yuni kwamitin bincike na shugaban ƙasar Amurka ya fitar da rahotonsa, ya ɗora laifin a kan zoben robar da ke toshe gaɓar rokar da Morton Thiokol ya ƙera. Michael Maloney da Harold Mulherin ne suka yi nazarin lamarin a 2003. Ki kawo shi a matsayin hujjar sauri, amma ki ƙara da cewa aukuwa ɗaya ba ta isa hukunci ba. Ƙarfin nazarin aukuwa yana cikin tara ɗaruruwan lokuta a ɗauki matsakaici.

A ɓangaren adawa, ki riƙe rarrafen farashi bayan sanar da riba. Ray Ball da Philip Brown sun fara hango shi a 1968, sannan Victor Bernard da Jacob Thomas suka auna shi da kyau a 1989. Sun raba sanarwar riba gida goma gwargwadon girman ba-zatar, suka bi farashi na kwanakin ciniki 60 bayan sanarwa. Masu labari mafi daɗi sun ci gaba da hawa, masu mafi muni sun ci gaba da sauka, tazarar ta kai wajen kashi 4 cikin 100, kuma ta fi girma a ƙananan kamfanoni. Wannan shi ne layi na biyu a zanenmu, wanda ya rarrafa daga 4.8 zuwa 8. Ya yi kama da binciken Jegadeesh da Titman, shi ya sa ake haɗa su, amma abin da aka jera da shi a nan rahoton riba ne, don haka gurbinsa daban.

Akwai kuma labarin kamfanin EntreMed. Ranar Lahadi 3 ga Mayu, 1998, jaridar New York Times ta buga a shafinta na farko labarin maganin sankara da kamfanin ke da haƙƙinsa. Farashi ya tashi daga wajen dala 12 ranar Juma'a zuwa dala 52 a ƙarshen ranar Litinin. Abin mamakin shi ne an riga an wallafa sakamakon binciken a mujallar Nature tun Nuwamban 1997, jaridu ma sun ɗauka a lokacin. Babu sabon bayani, sai sabon shafi. A kasuwar da ta cika wannan siga, tsohon labari bai kamata ya ninka farashi sau huɗu ba.

## Siga mai ƙarfi: abin da ke bayan ƙofa

Wannan tana cewa har bayanin sirri ya riga ya shiga farashi, don haka ko daraktan kamfani ba zai ci rarar riba da abin da ya sani ba. Kusan babu masanin da ya yarda da haka. Shi kansa Fama ya ɗauke ta ne a matsayin ma'aunin da ake gwada nisan kasuwa da shi. Ki faɗi haka ƙarara, kada ki yi ƙoƙarin daidaita hujjojin kamar kunnen doki ne.

Shari'ar Texas Gulf Sulphur ta nuna abin a fili. A Nuwamban 1963 kamfanin ya haƙa rijiyar gwaji kusa da Timmins a Ontario ta ƙasar Kanada, ya ci karo da tagulla da zinki da azurfa masu yawan gaske. Farashin hannun jarinsa a lokacin yana wajen dala 18. Aka rufe bakin labarin, wasu jami'ai da ma'aikatan da suka sani suka riƙa saye. Ranar 12 ga Afrilu, 1964 kamfanin ya fitar da sanarwa mai rage wa jita-jitar armashi, ranar 16 ga wata kuma ya tabbatar da gano ma'adinin. Zuwa tsakiyar Mayu farashi ya haura dala 58. A 1968 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta yanke cewa wanda ke riƙe da irin wannan bayani ko dai ya bayyana shi, ko ya ƙaurace wa ciniki. Da a ce siga mai ƙarfi gaskiya ce, da farashin ya tashi tun a Nuwamba, da kuma babu ribar da za a hukunta wani a kanta.

Amma binciken da nake so ki fi riƙewa shi ne na Nejat Seyhun a 1986, domin shi kaɗai ya isa ya nuna iyakar da ke tsakanin sigogi biyu. A Amurka doka ta tilasta wa daraktoci da manyan jami'ai su kai rahoton duk cinikin da suka yi da hannun jarin kamfaninsu, daga baya a wallafa. Seyhun ya tarar 'yan cikin gidan suna saye kafin hawa, suna sayarwa kafin sauka, suna cin rarar riba. Wannan ya rushe siga mai ƙarfi. Sannan ya tambaya: to na waje fa, wanda ya jira aka wallafa rahoton ya kwaikwayi cinikinsu? Bayan an cire ɗawainiyar ciniki, ba abin da ya rage masa. Wannan kuma ya goyi bayan siga mai matsakaicin ƙarfi. Bayanin iri ɗaya ne, abin da ya canza shi ne ranar da ya fita fili, kuma daga ranar ya tashi daga wannan siga ya koma waccan.

Irin wannan tunanin zai warware miki batun hawan farashi kafin sanarwar sayen kamfani. Arthur Keown da John Pinkerton sun nuna a 1981 cewa farashin kamfanonin da za a saya yana fara hawa kwanaki kafin a sanar, har kusan rabin hawan ya auku kafin ranar. Hawan farko alama ce ta yoyon sirri da cinikin waɗanda suka sani, wato batun siga mai ƙarfi. Tsallen ranar sanarwa da kwanciyar layi bayanta batun mai matsakaicin ƙarfi ne. Zane ɗaya, hukunci biyu, rana 0 ce ta raba su.

Sai binciken Michael Jensen na 1968, wanda ya duba asusun zuba jari na haɗaka 115 daga 1945 zuwa 1964, ya tarar a matsakaici ba su zarce kasuwa ba bayan an yi la'akari da haɗari. Littattafai sun saɓa a kan gurbinsa. Fama ya sa shi a ƙarƙashin siga mai ƙarfi, bisa tunanin cewa manajojin asusu na iya samun bayanin da sauran jama'a ba su da shi. Wasu marubutan suna sa shi a mai matsakaicin ƙarfi, tunda yawancin aikin manajan nazarin bayanan fili ne. Ni na fi karkata ga na biyun, domin gazawar manaja ba ta nuna sirri ba shi da amfani, tana iya nuna cewa manajan ba shi da sirrin ne kawai. Ko wanne kika zaɓa, ki rubuta dalilinki a jimla ɗaya. Ban san littafin da malaminku ya dogara da shi ba, don haka ki duba inda ya ajiye shi a darasinsa.

## Iyakar hujjojin, da yadda za ki tsara amsar

Akwai matsalar da ta rataya a kan duk abin da na lissafa, kuma amsar da ba ta ambace ta ba da wuya ta kai makin ƙoli. Ki koma lissafinmu na kamfanin siminti. Mun samu 4.8 ne saboda mun yarda cewa ribar da ta dace ita ce 1.2. Wannan 1.2 ɗin daga wani tsarin auna haɗari ta fito. Duk gwajin inganci gwajin abu biyu ne a haɗe: ingancin kasuwa, da ingancin ma'aunin haɗarin. In aka ga rarar riba, ko dai kasuwa ta yi kuskure, ko kuma ma'aunin ya manta da wani haɗari. Shi ya sa har yau ake jayayya a kan sakamakon Jegadeesh da Titman. Masu kare nazariyyar suna nuni da yadda dabarar ta yi mummunar asara a 2009, su ce ribar ladan wannan haɗarin ce.

Matsalar ba ta da nauyi ɗaya a ko'ina, kuma wannan ne abin da ke bambanta amsa mai kyau da mai kyau ƙwarai. A nazarin kwana ɗaya ko biyu, ko beta ta kasance 0.8 maimakon 1.2, rarar za ta zama 5.2 maimakon 4.8, hukuncin bai canza ba. A nazarin shekara uku kuwa, ƙaramin kuskure a ma'auni yana taruwa wata bayan wata har ya zama shi ne sakamakon. Don haka na fi amincewa da hujjar gajeren zango, kamar saurin martanin farashi ga sanarwa, fiye da ta dogon zango, ko ta goyon baya ce ko ta adawa.

Ki ƙara da hujjar Sanford Grossman da Joseph Stiglitz ta 1980 a jimla biyu. Tattara bayani yana cin kuɗi da lokaci. In farashi ya riga ya nuna komai, babu wanda zai wahala ya tattara, in kuma babu mai tattarawa farashi ba zai nuna komai ba. Saboda haka dole a bar ɗan gibin da zai biya masu bincike wahalarsu, kuma tambayar da ta dace ita ce yaya girman gibin yake a wannan kasuwa, ga wannan irin bayani.

Ga tambaya mai maki 20, da ni ne zan ba ma'anar inganci da shigar sigogin cikin juna sakin layi ɗaya. Kowace siga ta samu abu huɗu a jere: bayanin da ta ƙunsa, wanda ta hana cin riba, hanyar gwaji, sai hujja ɗaya ta goyon baya da ɗaya ta adawa, kowace da sunan mai bincike da shekara da abin da aka samu. Ta tsakiya ta fi kowace tsawo, da zanen layi ukun. Ki rufe da matsalar gwaji biyu a haɗe da hukuncinki: mai rauni ta tsaya a manyan kasuwanni in ban da ci gaban hawa na watanni, mai matsakaicin ƙarfi ta tsaya a saurin martani amma tana da gibi a rarrafe bayan sanar da riba, mai ƙarfi kuwa ta faɗi. In shekarar wani bincike ta ɓace miki a zauren jarrabawa, ki rubuta sunan da sakamakon ki bar shekarar. Mai dubawa zai ba da maki a kan sakamakon da aka ajiye a gurbinsa, amma shekarar da aka ƙaga tana sa ya fara shakkar sauran amsar.